Ku Bi Sawun Ruwa: Nasiha ga 'Ya'yanmu na Birnin Kudu da Gwaram

'Ya'yana, maza da mata, musamman ku da kuke makarantun sakandare. Ku matso, magana ce a kan ƙasar da kuke takawa.

Da an ambaci zaizayar ƙasa, hankalin kowa kan tafi ga kwazazzabo: wancan ramin da ya raba unguwa biyu, ko ya ci gefen maƙabarta, ko ya tunkaro katangar makaranta. Ba laifi, shi ido yake gani. Amma abin da nake so ku riƙe daga gare ni shi ne, kafin kwazazzabo ya buɗe baki, gonakin da ke samansa sun daɗe suna zubar da ƙasa ba wanda ya lura. Kuma sau da yawa ƙasar da ta sulale a ɓoye ta fi wadda ramin ya ci yawa, ta kuma fi ta daraja. Wannan ba magana ce da za ku karɓa don tsoho ya faɗa ba. Zan aike ku waje ku auna da hannunku.

Ku fara da sanin inda Allah ya ajiye ku. Jigawa ba iri ɗaya ba ce. Can arewa, wajen Maigatari da Babura da Birniwa, shimfiɗaɗɗen rairayi ne, ruwan sama kaɗan, babban abin tsoronsu iska. Mu nan kudu a kan dutse muke zaune. Ga duwatsun Birnin Kudu, su Dutsen Habude da Dutsen Mesa masu tsofaffin zane-zanen nan, ga tuddai da kwaruruka har iyakar Bauchi ta wajen Gwaram. Ruwanmu ya fi na sauran jihar yawa, yakan kai kusan milimita 1,000 a shekara mai kyau, kuma kusan dukkansa a cikin wata huɗu yake sauka, daga Yuni zuwa Satumba, Agusta ce ke ɗaukar kaso mafi tsoka. Ga gangara, ga ruwa mai zuwa da ƙarfi a ɗan lokaci, ga ƙasa mai yashi wadda ba ta riƙe juna sosai. Waɗannan ukun ba mu muka yi su ba, haka muka tarar. Na huɗun shi ne namu: barin ƙasa tsirara.

Ku tuna yadda gona take a ƙarshen Mayu. An kwashe kara tun kaka, an yi danga da zana, an kai wa dabbobi, an hura wuta da saura. Harawa tana kan bishiya ko a rumbu. Ɗan abin da ya rage shanu da awaki sun kalace shi da rani, sun tattake wurin. Sai mai gona ya zo da sharar gona, ya tara 'yan tsinkayen da suka tsira ya cinna musu wuta, ya sassabe sabara da kargo har ƙasa. Gona ta yi fes, mai wucewa ma sai ya yaba. A wannan halin ne hadarin farko yake samunta. Iskar da ke gabansa ta ɗauki ƙurar sama da tokar da aka ƙona, ruwa kuma ya biyo baya.

Ɗigon ruwa ba abin rainawa ba ne. Babban ɗigo na ruwan hadari yana isowa ƙasa da gudun kusan mita 9 a daƙiƙa ɗaya. Idan ya sami ganye ko kara, nan ƙarfinsa yake ƙarewa, ya gangara a hankali ya shige. Idan ya sami ƙasa tsirara, sai ya farfasa ɗan curin da ya faɗa wa, ya watsa shi. Kun sha ganin shaidar wannan ba ku kula ba: jan tabon da ke fantsama a gindin bangon gida bayan ruwa, har ya kai gwiwar mutum. Ba wanda ya watsa shi, ɗigo ne. To waɗannan 'yan ƙwayoyin da aka farfasa, masu laushin cikinsu su ne ke toshe ƙofofin da ruwa ke bi ya shiga ƙasa. Kafin a jima saman gona ya yi ɓawo, ya shafe sumul. Ruwan da ya kamata ya nutse ya tsaya, ya taru, ya nemi gangara.

Nawa ne wannan ruwan? Milimita ɗaya na ruwan sama lita ɗaya ce a kan kowane murabba'in mita. Ruwa mai kyau na dare ɗaya, a ce milimita 30, idan ya sauka a kan hekta ɗaya, lita 300,000 ke nan, wato jarka 12,000 ta lita 25 irin ta 'yan garuwa. Ko sulusinsa kawai ya ƙi nutsewa, jarka 4,000 ce za ta ratsa gonar ta fice ta gefe guda. Ba kuma da hannu biyu take fita ba. Ta tafi da laka mai laushi, da ruɓaɓɓen ganye, da takin gida da aka sha wahalar kaiwa a amalanke, da takin zamanin da aka ci bashi aka saya. Yashi mai nauyi da tsakuwa su take bari. Shi ya sa za ku ji dattijo yana cewa gonar nan ta gaji, da tana ba da dami kaza, yanzu sai ƙuduji da wuta-wuta. Sau da yawa ba gajiya ta yi ba, rabinta mai albarka ne ya bi ruwa.

Ruwan da ke malala ba ya daɗewa a shimfiɗe. Yana neman junansa, ya haɗu a sawun tayar amalanke, a turbar ƙafa, a burtali, a tsakanin kunya da kunya. Da ya haɗu ya yi nauyi, da ya yi nauyi ya ƙara gudu, kuma idan gudunsa ya ninka biyu, ƙarfin da yake ɗauke da shi ninki huɗu yake yi. Sai ya fara tsaga 'yan ƙananan hanyoyi masu zurfin yatsa ko taƙi. Waɗannan garma tana shafe su a huɗar gaba, mai gona ya ɗauka an wuce wurin, alhali ƙasar da aka cike su da ita daga gefensu aka jawo ta, gonar dai ta ragu. Ranar da tsagar ta yi zurfin da garmar shanu ba za ta iya tsallaka ta ba, ta zama kwazazzabo.

Akwai abu ɗaya game da kwazazzabo da mutane da yawa ba su gane ba, kuma rashin ganewar yana sa su zuba wahala a banza. Kwazazzabo da baya yake tafiya. Ruwa yana gangara ƙasa, shi kuwa ramin yana hawa sama. Ku je kansa, inda ruwa ke faɗawa ciki, ku duba da kyau daga gefe. Ruwan da ya zubo yana haƙa ƙasan bangon, ya yi masa kogo, saman ya rage ba abin da ke tallafe da shi, sai ya tsage ya zabtare. Ruwa na gaba ya kwashe abin da ya zabtare, ya sake sabon kogo. Haka kan ramin yake matsawa zuwa inda ruwan yake fitowa. Don haka mutumin da ke zuba shara da buhunan yashi a tsakiyar rami, bai taɓa ruwan da ke shigowa daga sama ba, aikinsa na damina ɗaya ne, wani lokaci na dare ɗaya.

A cikin gari kuwa abin ya fi sauri. Rufin kwano ba ya shan ko ɗigo. Gida mai rufin murabba'in mita 100, a wancan ruwan na milimita 30, jarka 120 yake turowa ta indararo zuwa lungu cikin sa'a ɗaya ko biyu. Ku lissafa gidajen layinku. Kwalbatin titi ma haka: tana tattara ruwan wuri mai faɗi ta fesa shi ta baki ɗaya, idan ba a shimfiɗa dutse ko kankare a inda yake faɗawa ba, nan ne kan sabon rami. Ga masu haƙar ƙasar bulo a gindin gangara, ga tifofi masu ɗiban yashi har jikin gaɓar kogi. Ban ce kowa ya bar sana'arsa ba, gini dole ne, amma akwai wurin da in aka ɗiba, gonar wani ce za ta biya.

Ƙasar da ta tafi kuma ba ɓacewa take ba, wani take sauka wa. Yashin tudu ya binne shinkafar mai fadama. Ya cike cikin rafi, rafin ya rasa zurfi, ruwan da a da yake wucewa salin-alin ya fara hawa gaɓa. Ya toshe kwalbati, ruwa ya bi ta kan titi ya ci gefensa. Ruwan da ya gudu bai nutse ba shi ne wanda rijiya za ta nema a watan Afrilu ta rasa. Wani lokaci kuma abin ya wuce dukiya. Mutanen Gwaram ba su manta watan Agusta na 2021 ba, lokacin da ruwa ya cinye gada a Radabi, kan hanyar Gwaram zuwa Basirka, matafiya 21 suka rasu a wurin. Allah ya jiƙansu da rahama. Ruwan da ke da ƙarfin yanke titi, daga dubban gonaki da lunguna ya taru, kowannensu ya saki nasa.

To ga aikin da na ce zan ba ku. Ku haɗu uku-uku ko huɗu-huɗu. Kayan aikin ba na saye ba ne: gorar ruwa ta roba mai haske guda biyu iri ɗaya, rula, igiya mai tsawon mita 10, manyan ƙusoshi ko guntayen rodi kamar guda goma, ɗan fenti, littafi da fensir. Ku ari tiyon nan mai haske da magina ke daidaita gini da shi. Kafin ku taka gonar kowa ku nemi izininsa, ku kuma gaya masa abin da kuke nema, don wataƙila ya fi ku sanin inda ruwa ke bi. 'Yan mata ku tafi da yayanku ko malamarku. Sannan ku ji wannan da kunnen basira: kada wanda ya tsaya a leɓen kwazazzabo, domin ƙasansa kogo ne, kuma kada wanda ya shiga cikinsa matuƙar akwai hadari a sama, ko da a inda kuke ba a ɗiga ba. Ruwan da aka yi a wani gari yana iya iso muku ba sallama.

Fitar farko da safe ce, washegarin ruwa mai ƙarfi, kafin ƙafafu su ɓata rubutun da ya bari. Ku zaɓi gangara ɗaya, ku fara daga can samanta, ku bi sawun ruwan a ƙafa har inda ya ƙare. Idan kusa da dutse kuke, ku fara daga gindinsa, domin dutse ba ya shan ruwa, duk abin da ya sauka a kansa gonar farko yake juye wa. Ku riƙa tsugunawa. A tsaye ba a ganin komai. Ku nemi 'yar tsakuwar da ke zaune a kan ɗan ginshiƙin ƙasa kamar an ɗora ta da hannu. Tsakuwar ta kare abin da ke ƙarƙashinta daga ɗigo, na kewaye ya tafi, tsayin ginshiƙin nan shi ne kaurin ƙasar da aka rasa a wurin tun huɗar ƙarshe. Ku sa rula ku rubuta. Ku duba saiwar dawa ko gero da ta fito fili, da saiwar bishiyar da a da take binne. Ku duba bayan kowane tushen ciyawa da kowane karan da ya kwanta a gicciye: ta gefen sama za ku ga ƙasa mai laushi da 'yan tsinkaye sun taru. Wannan ɗan tarin ku dube shi da kyau, domin duk maganin da zan faɗa muku nan gaba, shi ne aka faɗaɗa.

Sai ku auna gangarar. Mutum biyu su tsaya da sanda, igiyar mita 10 a tsakaninsu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Ku cika tiyo da ruwa, ku tabbata ba kumfar iska a ciki, kowa ya jingina bakinsa ɗaya a sandarsa. Ruwan zai tsaya a daidai wuri ɗaya a ɓangarorin biyu. Kowa ya auna daga ƙasa zuwa inda ruwan ya tsaya. Idan na sama ya sami santimita 70, na ƙasa ya sami 100, bambancin 30 ne a cikin mita 10, wato gangara kashi 3 cikin 100. Ido zai ce muku wurin a shimfiɗe yake. Kashi 2 ko 3 ya isa ruwa ya yi gudu ya ɗauki ƙasa, musamman idan gangarar doguwa ce ba abin da ya katse ta.

Gorunan biyu kuwa sai ana cikin ruwa ko da ɗaukewarsa, a kusa da gida, inda ba haɗari. Ɗaya ku tara ruwan da ke fitowa daga fili tsirara, ɗaya daga wurin da ciyawa ta rufe. Ku cika su daidai, ku girgiza, ku ajiye a kan taga kada a taɓa. Yashi zai kwanta cikin minti ɗaya. Mai bi masa a laushi zai ɗauki sa'o'i. Laka kuwa tana iya kwana biyu ruwan bai washe ba. Ku auna kaurin abin da ya kwanta a kowace gora, ku kuma lura da tsawon lokacin da ruwan ya ɗauka yana gurɓace. Wannan gurɓatar da ta ƙi kwanciya ita ce mafi tsadar abin da ke cikin gorar, ita ke riƙe wa shuka danshi da taki, kuma ita ce ke yin tafiya mafi nisa.

Ƙusoshin na aikin haƙuri ne. Ku shafa wa kowace fenti a zagaye, ku kafa ta har zanen ya yi daidai da fuskar ƙasa. Biyar a fili tsirara, biyar a inda ke da rufi, a kan gangara iri ɗaya. Ku koma bayan kowane babban ruwa ku ga ko zanen ya ɗago sama ko ya nutse. In ya ɗago, ƙasa ta tafi. In ya nutse, an kawo wa wurin ƙasar wani. Amma ku san iyakar wannan awo. Idan aka yi noma ko huɗa a wurin, lissafi ya rushe, don haka ku zaɓi gefen gona ko filin makaranta inda fartanya ba ta zuwa. Akuya tana iya taka ƙusa, yaro yana iya zare ta. Ƙusa ɗaya ba ta shaida, shi ya sa na ce biyar, ku haɗa ku raba. Kuma damina ɗaya ba ta isa a yanke wa wuri hukunci ba, tana dai nuna inda aka dosa. A kan kwazazzabo kuma, ku kafa turke mai ƙarfi mita 10 daga inda ramin ya tsaya ta sama, ku auna tazarar a farkon damina, ku sake aunawa a ƙarshenta.

Bari mu yi lissafin tare da misali, don ku san yadda za ku yi da naku alƙaluman. A ce gona ce hekta ɗaya, a ƙasanta akwai kwazazzabo mai faɗin mita 3 da zurfin mita ɗaya da rabi. A watan Yuni tazarar turke da kan ramin mita 10 ce, a Oktoba ta koma 8. Ramin ya hau mita 2. Ku ninka 2 da 3 da ɗaya da rabi, ya ba ku mita 9 na cikin ƙasa, tsawo da faɗi da zurfi. Kowace mita ɗaya irin wannan ta ƙasa mai yashi tana da nauyin kusan tan ɗaya da rabi, don haka ramin ya ci wajen tan 13 da rabi. Kowa a garin zai ga wannan, za a yi ta salati. Yanzu ku koma kan ƙusoshi. A ce sun nuna milimita 2 kacal, kaurin da bai fi na ƙwayar gero ba. Hekta murabba'in mita 10,000 ce. Milimita ɗaya a kanta mita 10 ce ta cikin ƙasa, tan 15 ke nan, buhu 300 irin na takin zamani mai kilo 50. Milimita 2 tan 30, buhu 600. Gonar da ba wanda ya yi wa jaje ta rasa fiye da ninki biyu na abin da ramin ya ci. Kuma na ramin yawancinsa jar ƙasar can ciki ce, na gonar kuwa saman ne, inda abincin shuka yake. Ita wannan ƙasar saman, santimita ɗaya nata yana ɗaukar ɗaruruwan shekaru kafin ya samu.

In kun ga wannan da idonku, maganin ba zai yi muku wuyar ganewa ba: a tare ɗigo kafin ya taɓa ƙasa, a rage wa ruwa gudu tun yana sama. Na san kara kuɗi ne, ba zan ce wa mai shanu ya bar shi duka a gona ba. Amma a bar wani kaso, a kwantar da shi a gicciye a wuraren da kuka ga ɓawo da ginshiƙan tsakuwa, a kuma daina ƙona sharar gona. Kututturen sabara da kargo da gawo da ke tohowa, a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a sare sauran. 'Yan uwanmu na ƙasar Maraɗi da wannan dabarar suka mayar da itatuwa gonakinsu tun daga shekarun 1980, ba da dashe ba, ruwansu kuwa bai kai namu ba. A kan iyakar gona da tsakiyar doguwar gangara a dasa layin gamba ko jema a gicciye. Gamba ba baƙuwa ba ce, kakanninku da ita suke shata iyaka, su yi zana da ita, ita kuma tana tace musu ƙasa. Inda dutse yake da yawa, kamar gonakin gindin tsauni, a jera shi layi-layi.

Kunya ita ce wurin da aka fi yin kuskure, ta fuska biyu. Mai huɗa da shanu ya fi son ya bi tsawon gona don kada ya yi ta juyawa, ko da tsawon ya bi gangara. Ya gama ke nan ya yi wa ruwa magudanai hamsin. Gicciye ya kamata. Amma kunyar gicciye da aka yi da ido kawai, ba a daidaita ta ba, tana tara ruwa ya gangara gefe guda, ya taru a inda ya fi kwari, ya fasa ta, ya fasa ta ƙasanta, ya fasa ta gaba, a wayi gari an sami tsagar da ba ta nan a da. A nan tiyonku zai yi amfani: inda awon sandunan biyu ya zo daidai, wuraren biyu a layi ɗaya suke, sai a kafa turaku a bi su da garma. A ƙasa mai shan ruwa, a riƙa ɗaure kwarin kunya da ɗan tudun ƙasa kowane taku biyu ko uku, wanda bai kai tsayin kunyar ba, don in ruwa ya yi yawa ya tsallake ta nan. A ƙasa mai laka da ke riƙe ruwa kuwa kada a ɗaure, gero ba ya son kwana a ruwa.

Ƙaramar tsaga ana iya kashe ta da shingen dutse ko na itace, bayan an rage ruwan da ke shigo mata. Shingen ya zama gajere, kada ya wuce gwiwa. Tsakiyarsa ta fi gefensa ƙasa, don ruwa ya bi ta kai, kada ya zagaye. A cusa gefunansa cikin bangon ramin, a shimfiɗa duwatsu a inda ruwan zai faɗa. Gajeru da yawa a jere sun fi dogo ɗaya. Za ku gane ya yi aiki idan ƙasa ta taru a bayansa ciyawa ta fito. In kun ga ruwa ya huda ta gefe ko ta ƙasa, a gyara kafin ruwa na gaba. Ramin da ya fi tsayin mutum kuwa, ko wanda ya doshi gidaje da titi, ya fi ƙarfin gayya, aikin injiniyoyi ne da hukuma. Akwai shirin ACReSAL na Bankin Duniya da gwamnati, wanda aka amince da shi a ƙarshen 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja, Jigawa na ciki, kuma gyaran ƙasar da ta lalace na cikin aikinsa. Mai unguwar da ya je da takarda mai cewa ramin ya hau mita kaza daga Yuni zuwa Oktoba, saura mita kaza ya iso ajin farko, ya fi wanda ya je da cewa abin ya yi muni samun kunnen saurare.

Wannan takardar ku za ku rubuta ta. Kowane awo ku sa masa kwanan wata da sunan wurin, ku zana taswirar gangarar da hannu, ku nuna inda ruwa ya fito da inda ya bi da inda ya ajiye kayansa. Ku tambayi tsofaffin unguwa inda kan ramin yake a lokacin da aka ƙirƙiro Jigawa a 1991, su nuna muku da sanda, ku auna daga nan. Idan kaka ta yi, ku kai kwafi ɗaya ga malaminku na aikin gona, ɗaya ga mai gonar da ya ba ku izini, ɗaya ga mai unguwa. Turakun kuma ku bar su a inda suke, ku nuna wa 'yan ajin da ke bayanku, su ci gaba da awon baɗi.

Allah ya yi muku albarka, ya ba mu damina mai albarka. Ku tanadi ƙusoshinku tun kafin ruwan farko.